Oga ya ba ni takardar hannu ya ce in mayar da ita rahoton hatsari: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da akawu da sakatarori da sababbin ma'aikatan ofis suka fi yi idan aka wayi gari aka ajiye musu wata yagaggiyar takarda a tebur aka ce "a gyara wannan a buga kafin azahar". Misali ɗaya zan riƙe har ƙarshe don kar mu watse. A ce sito ne na shinkafa, ana lodi da daddare, kuma ga abin da shugaban aikin dare ya rubuta da biro a bayan wata tsohuwar takardar lodi:

"Daren Laraba wajen 2 ko 2 da rabi aka dauke wuta kafin a tada jen buhuna suka zubo ma yaron nan a kafa layi na 3. mun kaishi kemis an daure. direban tirela ne yake ta matsa musu. dama na fada tun tuni lodin yayi tsayi. ba laifina bane. kafar ta kumb... manaja baya daga waya"

Da me zan fara? In buɗe kwamfuta in hau bugawa?

A'a, dakata tukuna. Fara ɗaukar hoton takardar gaba da baya, ko ka yi fotokwafi, sannan ka saka ta asalin a fayil kar ka ƙara taɓa ta da biro. Kar ka ja layi a kanta, kar ka gyara masa baƙi, kar ka shafa farin ruwan nan na goge rubutu. Duk muninta ita ce aka rubuta lokacin da abin yake da ɗumi, kuma ranar da magana ta kai gaban 'yan inshora ko lauya ita za su fara tambaya, ba taka mai kyau ɗin ba.

Bayan nan ka kwafe ta a kwamfuta yadda take, kalma da kalma, har da kurakuran. Sai ka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka, wannan da idonsa ya gani, ko gaya masa aka yi, ko kuwa ra'ayinsa ne? A takardarmu "aka ɗauke wuta" ya gani. "Mun kai shi kemis" shi ya yi da kansa. "Buhuna suka zubo" fa? Toh nan ne ba ka sani ba, don in cikin duhu abin ya faru yana iya yiwuwa ƙara kawai ya ji. "Direba ne yake matsa musu" zargi ne, "ba laifina ba ne" kuma kare kai ne. Wannan rabe-raben shi ne rabin aikin, in ka tsallake shi rahoton zai fito tsaf a ido amma zato da gani sun cakuɗe a ciki.

Wani wurin ba ya karantuwa, kamar "kafar ta kumb...". Ai kowa ya san kumbura yake nufi, ba sai in cike ba?

Kusan tabbas kumbura ne, amma kira shi ka tambaya, minti ɗaya ne. Dalili kuwa, hannun da ya saba cike gurbi a ƙaramin abu zai cike a babba. Yau ka cike "kumbura", gobe ka ga lamba ba ka gane 3 ce ko 8 ba ka zaɓi wadda ta yi maka, shi ke nan an je ana duba layin da ba a nan aka yi hatsarin ba.

In mutumin ya tafi gida ya kwanta waya a kashe, ka rubuta a wurin cewa "kalmar ba ta karantu ba a takardar asali, ana jiran tabbaci daga wanda ya rubuta". Ba abin kunya ba ne rahoto ya fita da irin wannan layin. Kuma in za ka kira shi, ka tara tambayoyin gaba ɗaya a takarda ka yi su lokaci guda, mutumin da ya kwana a tsaye ba zai ɗaga maka waya sau biyar ba.

Ya rubuta "daren Laraba wajen 2 ko 2 da rabi". Wane lokaci zan saka?

Matsala biyu ce a wannan ɗan layin. Ta farko ranar. A wajenmu wani in ya ce daren Laraba yana nufin daren da za a wayi gari Laraba, kamar yadda ake cewa daren Juma'a ana nufin Alhamis da daddare, wani kuma yana nufin Laraba bayan magariba. Tsakaninsu kwana guda ne cur. Sannan da zarar an wuce sha biyun dare kwanan watan ofis ya canza, ko da shi mai aikin yana ganin har yanzu yana cikin dutin jiya. Don haka rahoto ba ya cewa "daren kaza". A ce ya kama aiki Talata 14 ga wata da ƙarfe takwas na dare, abin ya faru bayan biyu, toh kwanan watan hatsarin Laraba 15 ne, sai ka ƙara da cewa a dutin daren da ya fara Talata 14. Ka rubuta sunan watan da baƙaƙe da shekara cikakkiya, don 03/04 wani Maris zai karanta wani Afrilu.

Ta biyu lokacin. Kar ka raba gardama ka rubuta 02:15 don yana tsakiya, wannan ƙirƙira ce ko da ba ka nufi haka ba. Nemi abin da ya rubuta lokaci ba tare da ya san za a tambaye shi ba: littafin janareta inda ake rubuta lokacin tayarwa da kashewa, rajistar maigadi ta shiga da fita, wayar shugaban aikin inda kiran da ya yi wa manaja yake, rasit ɗin kemis in akwai. A ce littafin janareta ya nuna an tayar 02:22, wayar kuma ta nuna kiran farko 02:31. Yanzu kana da abin rubutawa: abin ya faru ne bayan ɗaukewar wuta kuma kafin 02:22, bisa littafin janareta. In akwai kyamarar tsaro a duba, amma a gwada agogonta da na waya tukuna, da yawansu ba wanda ya saita su tun ranar da aka kafa, kuma in ba ta da batir ai ita ma ta mutu tare da wutar.

Agogon awa 24 ya fi, 02:22 ba wanda zai ɗauke shi biyun rana.

Waɗanne kanun ne ake cewa na ƙa'ida?

In wurin aikinku yana da fom, bi fom ɗin ko da ba ya burge ka, kar ka ƙirƙiro naka. In babu, tsarin da za ka tarar kusan ko'ina bai wuce haka ba: bayanan rahoton kansa (lamba, ranar rubutawa, wa ya rubuta, wa za a kai wa), taƙaitaccen bayani, rana da lokaci da wuri, waɗanda abin ya shafa da shaidu, yadda abin ya faru, rauni da asara, matakin da aka ɗauka nan take, musabbabi, abin da za a gyara, takardun da aka maƙala, sai sa hannu.

Taƙaitaccen bayani shi yake sama amma shi ake rubutawa ƙarshe, layi uku ko huɗu, don manaja sau da yawa iyakarsa ke nan. Kan da ba ka da abin sakawa a ƙarƙashinsa kar ka goge shi, rubuta "babu" ko "ba a tabbatar ba tukuna". In ka goge, mai karatu ba zai san babu ba ne ko mantawa ka yi.

Toh nuna mana yadda waccan takardar za ta koma.

Bayan an kira shugaban aikin, an duba littattafan, an ji ta bakin lebura guda da yake kusa, tsakiyar rahoton za ta iya zama haka. Na saka muƙamai a maimakon sunaye, amma a na gaske cikakken suna da lambar ma'aikaci ake sakawa, "yaron nan" ba ya shiga rahoto.

Rana, lokaci da wuri: Laraba 15 ga wata, a dutin daren da ya fara Talata 14. Bayan ɗaukewar wuta, kafin 02:22. Babban sito, layi na 3, ɓangaren ƙofar lodi.

Waɗanda abin ya shafa: lebura ɗaya, wanda ya ji rauni. Shaidu: lebura na biyu, yana tsaye kusa da shi. Shugaban aikin dare yana bakin ƙofa, bai ga faɗowar ba, ƙara ya ji.

Yadda abin ya faru: Ana loda buhunan shinkafa masu kilo 50 a tirela daga layi na 3. Wuta ta ɗauke, sito ya yi duhu. Lebura na biyu ya ce an ci gaba da sauke buhu da fitilar waya. Ya ce buhuna sun zamo daga saman jerin suka faɗo wa wanda ya ji raunin a ƙafar dama. An tayar da janareta 02:22. Shugaban aiki ya ƙirga buhu huɗu a ƙasa.

Rauni da asara: Ƙafar dama ta kumbura daga idon sawu zuwa ƙasa, ya kasa takawa. Likita bai duba shi ba har lokacin rubuta wannan rahoto. Buhu ɗaya ya fashe.

Matakin nan take: An tsayar da lodi. Shugaban aiki ya kira manaja 02:31 da 02:40, ba a ɗaga ba. An kai wanda ya ji raunin kemis, an ɗaure ƙafar da bandeji.

Ka lura duk abin da ba a gani ba an jingina shi ga wanda ya faɗa, "ya ce". Ka lura kuma labarin ya bi agogo, ba yadda ya zo wa mai rubutu a kai ba. Kuma "manaja baya daga waya" ta koma kira biyu da lokutansu, ba a ɓoye ba, ba a kuma ce ya ƙi ɗagawa ba, don ba wanda ya san barci yake ko wayar tana caji a falo.

Maganar direban tirela da "ba laifina bane" fa, in jefar da su?

"Ba laifina bane" ba ta shiga, ba bayani ba ce, kuma ba ta ɓata ba tunda takardar asali tana maƙale a baya. Ta direba kuwa sai an tona. Tambaye shi, me direban ya yi takamaimai? In ya ce direban yana ta danna hon yana cewa a yi sauri zai kama hanya kafin asuba, toh wannan abu ne da ya faru, sai a rubuta "shugaban aiki ya ce direban ya nemi a ci gaba da lodi bayan ɗaukewar wuta". Sannan a ƙasa ka rubuta ko an ji ta bakin direban ko ba a ji ba. In ka bar shi "direba ne ya jawo" ka yanke wa mutum hukunci da sunanka a ƙasan takarda alhali ba ka wurin.

Wadda mutane suka fi saurin gogewa ita ce "dama na faɗa tun tuni lodin ya yi tsayi", don tana kama da ƙorafi. A ganina ita ce layi mafi nauyi a duk takardar. In da gaske an yi gargaɗi kafin hatsarin aka share, wannan ya canza komai game da musabbabi. Tambayoyin su ne wa ya gaya wa, yaushe, da baki ko a rubuce, akwai saƙon waya? In ya nuna maka saƙo ka ɗauki hotonsa ka maƙala. In da baki ne kawai ka rubuta cewa ya ce ya sanar da wane da baki a lokaci kaza, ba a samu rubutacciyar shaida ba.

Ranka ya daɗe, in oga da kansa ya ce in cire wannan layin fa?

Wannan tana faruwa, kuma ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ga ƙaramin ma'aikaci ba. Ka bambanta abu biyu. In cewa ya yi a sassauta harshe, a cire zagi ko habaici, yana da gaskiya, dama aikinka ke nan. In kuwa cewa ya yi a cire abin da ya faru, ka nuna masa cikin ladabi cewa takardar asali tana fayil, shugaban aikin ma yana raye zai maimaita, kuma ranar da aka jera biyun aka ga sun saɓa rahoton gaba ɗaya ne zai zube har da wuraren da suke kare kamfanin. Abin da ya fi masa shi ne a ƙara nasa bayanin a matsayin nasa, "manaja ya ce bai samu wannan sanarwar ba". In ya dage, toh kar ka sa hannu a matsayin wanda ya tabbatar da abin da ka san an yanke.

Ƙafar ta kumbura sosai, kowa na cewa karaya ce. In rubuta karaya?

Kar ka rubuta. Kai ba likita ba ne, mai kemis ma bai ɗauki hoton ƙashi ba. Rubuta abin da ido ya gani, wace ƙafa, daga ina zuwa ina, akwai jini ko babu, yana iya takawa ko a'a. Haka ma kar ka rubuta "ɗan ƙaramin rauni" don rahoton ya yi daɗin karatu, targaɗe da tsagewar ƙashi a waje duk kumburi ne. Dama ko hagu kuwa ka tambaya sau biyu, kuskuren nan yana hana mutum haƙƙinsa in takardar asibiti ta ce dama taka ta ce hagu.

Kuma tunda rahoton ya nuna kemis kawai aka je, abu na farko a ƙarƙashin matakan gyara shi ne a kai shi asibiti yau, ba sai an gama buga takarda ba.

Me zan saka a musabbabi tunda ba a yi bincike ba?

In ba a yi ba ka ce ba a yi ba, sannan ka jera abubuwan da aka riga aka tabbatar suna wurin: duhu, ci gaba da aiki da fitilar waya, tsayin jerin in an je an ƙirga buhu nawa ne a tsaye. Abin da na fi ƙi in gani a wannan gurbin shi ne "sakaci" ko "ƙaddara" su kaɗai. Mun yarda da ƙaddara, amma gurbin nan ana tambaya ne me za a taɓa don kar gobe a sake. "Sakacin lebura" kuma ba ya gaya wa kowa me ya sa babu fitila mai batir a sito, ko wa yake da ikon cewa a tsaya in wuta ta ɗauke.

Matakan gyara su ma haka. "A riƙa kula" ba mataki ba ne. Mataki shi ne wanda yake da mai yi da ranar gamawa, misali mai kula da sito ya rage tsayin layi na 3 kafin a sake lodi daga cikinsa, ko sashen gyara ya kafa fitilun gaggawa zuwa ranar kaza. In ba kai ke da ikon ɗora wa mutane aiki ba ka rubuta su a matsayin shawara, manaja ya amince.

Wa zai sa hannu, ni da na buga ko shi da ya rubuta?

Ku biyun, kowa a gurbinsa. Shi a matsayin wanda ya ba da bayani, kai a matsayin wanda ya tsara, sai oga a matsayin wanda ya duba, kowa da kwanan watan ranar da ya sa hannun, ba ranar hatsari ba. Kafin ya sa, karanta masa. Yawancin ofisoshi a Nijeriya da Turanci suke ajiye rahoto, a Nijar da Faransanci, takardar hannun kuwa sau da yawa da Hausa take ko gauraye, toh ka mayar masa da abin da ka rubuta da Hausa da bakinka, ka kuma rubuta a rahoton cewa an fassara ne kuma wane ya fassara. A nan ne za ka ji ya ce "a'a ni ban ce na gani ba, cewa na yi na ji", gara ya faɗa yanzu da ya faɗa a gaban kwamiti.

Akwai wa'adi ne, ko zan iya bari sai na samu komai?

Akwai. A Nijeriya dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take kula da ita, ta ce ma'aikacin da ya ji rauni ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14, shi kuma wanda ya ɗauke shi aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, in rasuwa ce kuwa nan take. Kamfanoni da yawa kuma suna da nasu wa'adin na cikin gida wanda ya fi wannan gajarta, duba littafin ƙa'idojinku. Don haka kar ka riƙe rahoto mako guda kana jiran direban da ya riga ya kai Legas. Fitar da shi da abin da ke hannu, ka rubuta "rahoton farko" a sama, ka jera abin da ake jira a ƙasa.

An riga an sa hannu, sai ga takardar asibiti ta ce ƙashi ya tsage. In buɗe fayil ɗin in gyara in sake bugawa?

A'a, wancan ya rufu. Sabuwar takarda za ka yi mai taken ƙarin bayani, ka saka lambar rahoton farko a sama, kwanan watan yau, abin da ya sauya da inda aka samo shi, wato takardar asibiti mai kwanan wata kaza, ka maƙala kwafinta. A sa hannu, a kai wa duk wanda aka kai wa na farko, har da hukumar in an riga an tura musu. In kuma ƙaramin kuskure ne a kan wanda aka buga, kamar lambar layi, ja masa siririn layi ɗaya yadda tsohon zai ci gaba da karantuwa, rubuta daidai a gefe, ka sa hannu da kwanan wata kusa da gyaran. Takardar asibitin kuma ba ta yawo a wasaf ɗin ma'aikata, fayil ɗinta daban, waɗanda aikinsu ya shafa kaɗai ke gani.